Hoto ɗaya, farashi dubu: Yadda ake bambanta bugun katako da bugun dutse na asali da kwafin injin zamani

A watan Maris na 2023, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wata takarda guda wadda girmanta bai kai na shafin jarida a buɗe ba, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 2.8. Abin da ke jikin takardar shi ne shahararren hoton nan na ƙasar Japan, wato babbar igiyar ruwa ta Kanagawa, wanda mai zane Katsushika Hokusai ya tsara wajen shekarar 1831. Wannan hoto ne dai ake gani a jikin riguna da kofuna da kalanda a faɗin duniya, kuma tun watan Yulin 2024 yake bayan sabuwar takardar kuɗin Japan ta yen 1,000. Ana iya sayen kwafinsa mai kyawun gani a kan kuɗin da bai wuce na cin abincin rana ba.

Igiyar ɗaya ce, jiragen kwale-kwale ukun da take shirin rufewa su ne dai, dutsen Fuji ma yana nan can nesa a kowane kwafi. Bambancin yana cikin yadda tawada ta hau takarda. Wanda ya fahimci hanyar da aka bi aka buga hoto, zai iya gane sawun da kowace hanya take bari, domin katako da dutse da injin zamani kowanne da irin tambarin da yake yi wa takarda, kuma babu wanda ke iya ɓoye nasa gaba ɗaya.

Me ake nufi da na asali?

Kalmar asali takan rikita mutane a wannan fanni, saboda sun saba da zanen fenti wanda guda ɗaya tak ake yi. Bugun katako da bugun dutse kuwa tun fil azal don a samar da kwafi da yawa aka ƙirƙiro su. Masana sun ƙiyasta cewa an buga dubban kwafi na igiyar Hokusai a zamaninsa, wataƙila har 8,000, ana sayar da kowanne a kan kuɗin da bai fi na kwano biyu na taliya ba da yawa. Kowanne daga cikinsu na asali ne, domin daga allunan katakon farko aka bugo shi, waɗanda mawallafi Nishimuraya Yohachi ya sa aka sassaƙa bisa zanen da Hokusai ya miƙa masa. Mai bincike Capucine Korenberg ta Gidan Tarihi na Birtaniya ta bi sawun waɗanda suka rage a duniya, ta samu ɗari da 'yan kai.

Saboda haka takardar da ke ɗauke da wannan hoto tana iya kasancewa ɗaya daga cikin abubuwa uku. Tana iya zama bugun asali daga allunan farko. Tana iya zama bugun hannu na gaske, amma daga sababbin allunan da wani masassaƙi ya sake sassaƙawa daga baya yana kwaikwayon na farko. Tana kuma iya zama hoton hoto, wato an ɗauki na asalin da kyamara, inji ya buga. Raba na uku da sauran biyun aiki ne na minti biyu ga duk mai gilashin ƙara girma. Raba na biyu da na farko shi ne inda ake gumi, kuma nan ne kuɗi masu yawa suke salwanta.

Sawun katako a jikin takarda

A bugun katako, masassaƙi yana ƙwaƙule duk wurin da ba a so tawada ta taɓa, ya bar layukan zanen a tsaye kamar haruffan hatimi. A Japan da itacen ceri ake yin allunan. Ana sassaƙa allo guda na layukan zane, sa'annan kowane launi a yi masa nasa allon. A gefen kowane allo akwai wata 'yar alama da aka sassaƙa mai suna kento, inda mai bugu yake jingina kusurwar takarda domin launuka su faɗa daidai wurarensu. Ba a amfani da injin matsi ko kaɗan. Mai bugu yana shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan kunun shinkafa a kan allo da buroshi, ya ɗora takarda mai danshi, sa'annan ya goge bayanta da ƙarfi da wani faifai mai suna baren, wanda aka lulluɓe da ɓawon gora.

Kowane mataki a nan yana barin shaida. Da yake launin na ruwa ne kuma da ƙarfin hannu aka tura shi, yakan shige cikin zaren takardar har ya leƙo ta baya. Idan aka juya bugun katako na Japan, za a ga inuwar hoton a bayansa, musamman wuraren shuɗi mai duhu, wani lokaci har da zagayayyun sawun gugar baren. Bayan kwafin inji kuwa fari ne fes, domin tawadarsa a saman takarda take zaune. Haka nan idan aka haska fitila daga gefe, haskenta yana kwance a kan takardar, za a ga layukan sun ɗan lotsa ciki kaɗan inda katako ya danne ta. A wuraren da launi ɗaya ya mamaye fili mai faɗi, kamar sararin sama, akan ga jijiyoyin itacen kansu sun fito a cikin launin.

Takardar ma tana magana. Takardar Japan ta gargajiya da ɓawon wata bishiya mai suna kozo ake yin ta, zarenta dogaye ne, tana da laushi kamar tsumma, ba ta da sheƙi. Idan aka ɗaga ta a gaban haske akan ga siraran layuka na tabarmar gorar da aka tace ta a kai.

Bugun katako na Turai, irin na Albrecht Dürer wanda ya yi hoton karkanda a 1515, ya ɗan sha bamban. Can tawadar mai ce, kuma injin matsi ake sa wa. Matsin yakan tura tawada zuwa bakin kowane layi, sai a ga gefen layin ya fi tsakiyarsa duhu idan aka duba da gilashi, bayan takardar kuma ya ɗan kumbura a bin layukan.

Sawun dutse

Bugun dutse, wanda ake kira litogiraf, wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano shi a birnin Munich a 1796. Ba a sassaƙa komai a nan. Dabarar ta ginu ne a kan abin da kowace mai girki ta sani, cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai zane yana yin zanensa kai tsaye a kan shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa, wanda mafi kyawunsa daga Solnhofen ta yankin Bavaria ake haƙo shi, yana amfani da alli mai maiƙo ko tawada mai maiƙo. Daga nan sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa ɗan asid. Ƙaron nan shi ne dai wanda ake tsinta a jikin dakwara a Sudan da Chadi da jihohin Borno da Yobe da Jigawa, kuma har yau masu bugun dutse ba su rabu da shi ba. Aikinsa shi ne ya sa wuraren da babu zane su riƙe ruwa. Idan aka jiƙa dutsen aka bi ta kansa da abin mirgina tawada, tawadar mai takan kama wurin zane kawai, ta ƙi wurin da ke da danshi.

Tun da saman dutse a baje yake, bugun dutse ba ya lotsa layi, ba ya kuma tara tawada a bakin layi. A kwance yake sumul. Wannan ne ya sa ya fi bugun katako saurin rikicewa da kwafin inji, domin shi ma a kwance yake. Shaidar bugun dutse tana cikin ƙwayar zanen. Kafin a yi zane akan goge dutsen da yashi mai laushi har samansa ya yi ɗan kaushi, allin kuma yakan kama kan tsinin wannan kaushi ne kawai. A ƙarƙashin gilashi, inuwar da aka yi da alli takan zama tarin ɗige-ɗige marasa tsari, wani babba wani ƙarami, wani mai kusurwa wani mai tsawo, kamar sawun gawayi a jikin bangon siminti. Kuma duk ɗigon da ke wurin launinsa shi ne launin da ido yake gani daga nesa.

Abin da gilashi ke tonawa

Kayan aikin farko shi ne ɗan gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, irin wanda masu gyaran agogo da masu sayar da gwal suke riƙewa. Wayar hannu mai kyamarar ɗaukar abu daga kusa ma takan yi aikin. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne inda launi yake da haske, kamar sararin sama ko fatar fuska, domin a wuri mai duhu ɗige-ɗigen sukan haɗe su ɓace.

Injin ofset, wanda yake buga mujallu da kalanda da fastocin 'yan siyasa, tawada huɗu kacal yake da su: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Duk wani launi yana samar da shi ne ta hanyar jera ƙananan ɗigo na waɗannan huɗu kusa da juna, ido ya gauraya su da kansa. Ɗigon suna tafiya a sahu madaidaici, kimanin sahu 60 a kowace santimita a bugu mai kyau, kuma kowane launi da kusurwar da aka karkata sahunsa. Inda suka haɗu sai su yi wani tsari mai kama da ƙananan furanni da ke maimaita kansu. Duk wanda ya ga wannan tsari a jikin igiyar Hokusai ya gama bincike, domin a 1831 babu wannan fasaha a ko'ina a duniya.

A nan akwai tarkon suna. Injin ofset jikan dabarar Senefelder ne, shi ma da rashin jituwar mai da ruwa yake aiki, don haka wasu 'yan kasuwa sukan kira abin da ya buga litogiraf ba tare da sun yi ƙarya tsagwaronta ba. Mai saye ne ya kamata ya tambaya: hannun mai zane ne ya yi zanen a kan dutse, ko kyamara ce ta ɗauko shi?

Injin fesa tawada, wanda a kasuwar zane ake yi wa kwalliya da sunan Faransanci jikile, ya fi wuyar kamawa. Ɗigonsa ba sa bin sahu, kuma sun fi na ofset ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ana iya buga shi a kan takarda mai kauri, har ma a kan takardar Japan ta gaske. Amma idan aka ƙura wa wuri mai haske ido da gilashi mai ƙarfi, wanda ya ninka sau ashirin ko talatin, za a ga wata ƙura mai laushi ta launuka dabam-dabam: a cikin abin da ya kamata ya zama toka zalla sai ga ɗigon shuɗi da na hoda da na rawaya a warwatse, kusan duk girmansu ɗaya. Bakin layi kuma ba ya yankewa tsaf, yakan yi ɗan hazo. Wata shaidar mai ban dariya ita ce, kyamara tana ɗaukar har da lahanin tsohuwar takardar da aka kwafa. Sai a ga tabon ruwa ko alamar ninki ko ramin gara, amma idan aka haska fitila daga gefe babu ninkin, babu ramin, hotonsu ne kawai.

Takarda ɗaya a kan tebur

A ɗauka an kawo wa wani mai sha'awar tara kayan tarihi igiyar Kanagawa a cikin firam, takardar ta yi ja-ja kamar ta tsufa, mai sayarwa kuma ya ce gadon gidansu ce. Matakin farko shi ne a nemi a cire ta daga firam, da izinin mai ita kuma da hannu mai tsabta, domin gilashin firam yana ɓoye rabin shaidu. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a ga bayan takarda ya riga ya ba da amsa.

Sai awo. Bugun asali faɗinsa kimanin santimita 37 zuwa 38 ne, tsayinsa kimanin 25 zuwa 26. Ana iya samun wanda aka ɗan datse gefensa ya ragu, amma ba a samun wanda ya ƙaru. Idan takardar ta kai rabin mita, ko kuwa ta yi girman katin gaisuwa, magana ta ƙare. Idan awo ya yi daidai, sai gilashi ya hau sararin saman hoton. Babu furannin ofset, babu ƙurar injin fesa, launin ya shiga cikin zare, bayan takardar ya nuna inuwar shuɗi, fitilar gefe ta nuna lotsawar layi. To, wannan bugun katako ne na hannu, ba shakka. Sai dai har yanzu ba a san ko na 1831 ba ne.

Dalili kuwa shi ne, allunan farko sun daɗe da ɓacewa, kuma tun daga ƙarshen ƙarni na 19 masassaƙa a Japan suke sake sassaƙa wannan hoto. Har yau akwai gidajen bugu masu mutunci a Tokyo, irin su cibiyar Adachi, da suke yin sa da itacen ceri da takardar kozo da baren, kamar yadda aka yi a da. Ba yaudara suke yi ba, suna sayar da shi a matsayin sabon bugu, kuma bisa al'ada irin waɗannan gidaje sukan sa hatiminsu a gefe ko a baya. Matsalar takan taso ne idan takardar ta faɗa hannun maha'inci, ya datse gefen da hatimin yake, ya jiƙa ta da ruwan shayi, ya shanya ta a rana.

Abin da ke warware wannan shi ne kwatanta layi da layi. Gidajen tarihi irin su Metropolitan na New York da Gidan Tarihi na Birtaniya sun sa hotunan nasu kwafin a intanet, ana iya faɗaɗa su sosai. Wuƙa biyu ba sa yanka layi iri ɗaya, ko da masassaƙin na biyu ya fi na farko gwaninta. Wuraren da ake dubawa su ne faratan kumfa da ke kan igiyar, da kawunan matuƙa kwale-kwale, da haruffan sa hannun Hokusai, da ɗan akwatin da aka rubuta sunan hoton a ciki a kusurwar sama ta hagu. Idan farce ɗaya ya fi na gidan tarihi tsawo, ko lanƙwasarsa ta kalli wani gefe dabam, to allon dabam ne.

Akwatin sunan yana da wani amfani na musamman. Layukan da suka kewaye shi sirara ne, kuma yayin da aka yi ta gugar allon sau dubbai, sun riƙa ɓantarewa kaɗan-kaɗan. Binciken Korenberg ya yi amfani da irin waɗannan karaya wajen jera kwafin da suka rage daga na farko-farko zuwa na ƙarshe. Hikimar a bayyane take: katakon da ya ɓantare ba ya komawa. Kwafin da ke ɗauke da karayar da ta faru daga baya dole ne ya ɗauki duk waɗanda suka riga ta faruwa. Takardar da ta nuna karayar ƙarshe amma ta rasa ta farko ba ta da mazauni a cikin jerin, don haka ba daga allon asali ta fito ba. Wasu masu sake sassaƙa sukan kwaikwayi karayar ma, amma ɓantarewar da tsufa ya yi bakinta a ragargaje yake, wadda wuƙa ta yi kuwa a yanke take tsaf.

Launi ma yana ba da shaida, ko da yake ba shi kaɗai ake dogara da shi ba. Shuɗin da ya sa hoton ya yi suna wani sinadari ne da aka fara haɗawa a Berlin, wanda ya yi araha a Japan a daidai wancan lokaci, kuma yana jure haske. Rawayar jikin kwale-kwale da launin sararin sama kuwa sukan kwashe da sauri. Saboda haka tsufa na gaskiya ba ya tafiya bai ɗaya: shuɗi yana nan da ƙarfinsa, sama ta koɗe. Ruwan shayi kuwa kowane wuri yake rinawa daidai wa daida, har da farin kumfar igiyar.

Fastar Moulin Rouge

A ɓangaren bugun dutse, misalin da ya fi koyarwa shi ne fastar da Henri de Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge da ke Paris a 1891, mai nuna 'yar rawa La Goulue a tsakiya da inuwar wani dogon mutum mai hula a gaba. An buga kimanin 3,000 don liƙawa a bangon titi. Tsayinta kusan santimita 190 ne, faɗinta kusan 117, kuma saboda girmanta sai da aka haɗa takardu aka liƙa, shi ya sa cikakkiyarta take da mahaɗa a jiki. Wannan kaɗai ya isa ya kore mafi yawan abin da ake sayarwa da sunanta, domin kusan duk kwafin zamani bai kai mita ɗaya ba kuma falle ɗaya ne.

Launi huɗu Lautrec ya yi amfani da su, kamar yadda injin ofset yake da huɗu, amma yadda suka hau takarda ya bambanta. Kowane launi nasa dutsen dabam, kuma an shimfiɗa shi ne a matsayin fili guda. Rawayar fitilun da ke gefen hagu rawaya ce zalla, babu ɗigon wani launi a cikinta. Inda ake iya ruɗewa shi ne wuraren da ya yi amfani da dabarar yayyafi, wato ya tsoma buroshi a tawada ya karce gashinsa, tawadar ta fantsama a kan dutse. Wanda bai saba ba zai ga ɗige-ɗige ya ce inji ne. Amma ɗigon yayyafi manya ne, ido ma yana ganinsu ba tare da gilashi ba, girmansu ya sha bamban da juna, wani wuri sun yi cunkoso wani wuri sun yi ƙaranci, kuma kowane ɗigo tawada ce guda cikakkiya. A kwafin inji, idan aka ƙara girman ɗigon yayyafi ɗaya, za a tarar shi kansa an gina shi ne da wasu ƙananan ɗigo.

Ita ma wannan fasta tana da nata mataki na tsakiya. Daga 1895 zuwa 1900, maɗaba'ar Chaix ta Paris ta fitar da jerin ƙananan kwafi 256 na shahararrun fastocin zamanin, a kan takarda mai tsayin kimanin santimita 40, da hatimin matsi marar tawada a kusurwa, kuma fastar Moulin Rouge tana cikinsu. Bugun dutse ne na gaske, ya haura shekara ɗari, yana da darajarsa a kasuwa, gilashi kuma ba zai nuna masa laifi ba. Sai dai ma'aikatan maɗaba'a ne suka sake zana shi, ba dutsen da Lautrec ya taɓa ba ne. Abin da ke bayyana wannan shi ne littattafan da masana suka tattara, masu lissafa kowane bugu na mai zane da girmansa da irin takardarsa da adadin da aka buga. Na Lautrec akwai na Delteil da na Wittrock, kuma dillali na gari yakan ambaci lambar aikin a cikinsu.

Shaidun da ba a jingina da su

Sa hannu da fensir da lamba irin 45/200 su ne abin da sabon mai saye ya fi yarda da shi, su ne kuma mafi sauƙin ƙirƙira. Al'adar sa hannu da fensir a ƙasan bugu sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta yaɗu. Sa hannun Hokusai a jikin allo aka sassaƙa shi, don haka igiyar da ke ɗauke da lambar fensir sabuwa ce. Ko sa hannu na gaskiya ma ba ya wanke takarda. An san cewa Salvador Dalí ya sa hannu a kan tarin fararen takardu kafin a buga komai a kansu, abin da ya buɗe ƙofar ha'inci mai girma, har wata kotun Amurka ta samu shugabannin wani gidan sayar da zane na Hawaii da laifi a 1990. Takardar shaidar inganci kuwa darajarta daidai take da darajar wanda ya rubuta ta.

Wasu masu kwafi sukan danna wani lotsattsen murabba'i a kewayen hoto don ya yi kama da aikin hannu. Wannan alama ta bugun farantin ƙarfe ce, inda gefen farantin yake nutsewa cikin takarda. Ganinta mai zurfi a kewayen abin da aka ce bugun katako ne na Japan dalilin zargi ne.

Fitilar duba jabun kuɗi, irin wadda ake gani a bankuna, tana da amfani amma ta gefe ɗaya. Tun daga shekarun 1950 masana'antu suke zuba wa takarda wani sinadarin ƙara fari wanda yake walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin wannan fitila. Takardar da ta yi irin wannan walƙiya ba ta ƙarni na 19 ba ce, sai dai idan gyara aka yi mata da sabon abu. Amma rashin walƙiya ba ya tabbatar da tsufa, domin takardar hannu ta zamani da yawa ba ta da sinadarin. Rashin ganin ɗigo ma haka yake: akwai tsohuwar hanyar kwafi da kyamara mai suna kolotaif wadda ba ta da sahun ɗigo, sai dai wani tsari mai kama da ƙananan tsutsotsi da gilashi mai ƙarfi yake nunawa.

Waɗannan gwaje-gwaje sun fi ƙarfi wajen kore ƙarya fiye da tabbatar da gaskiya. Awo da gilashi da fitila za su fitar da mafi yawan kwafin inji cikin 'yan mintoci, kuma kowa na iya koyon su da kalanda ɗaya da bugun hannu ɗaya a gefe guda don ido ya saba. Takardar da ta tsallake su duka, ita ce ta cancanci a kai wa masanin takarda ko sashen bugu na babban gidan gwanjo, tare da duk abin da aka sani na hannayen da ta bi kafin ta iso, kuma kafin a biya kuɗi.